Loma Uku Ciki Ya Cika: Idan Tumbi Ya Yi Nawar Sallamar Abinci

Akwai mutanen da ke zama gaban kwano da yunwarsu ta gaske, su yi bisimilla, su kai loma uku ko huɗu, sai su ji kamar sun tashi da malmala biyu. Ciki ya tokare daga saman cibiya zuwa ƙahon zuciya, gyatsa ta taso, in suka matsa wa kansu sai zuciya ta fara tashi. Mutanen gida su ce miyar ce ba ta yi masa ba, wani ya ce tunani ne, mai kemis kuma ya ce olsa ce ya miƙo farin magani na kwalba. A haka wata ke bin wata, jiki yana zubewa.

Saurin ƙoshi daban yake da rashin son abinci. Wanda zazzaɓi ya kwantar ko ƙanshin girki ba ya so. Mai saurin ƙoshi kuwa yana marmari, yana fara ci da daɗinsa, wuri ne babu. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo haka shi ne tumbi ya riƙa jinkirin tura abinci zuwa hanji, ta yadda na dare zai tarar da sauran na rana bai tafi ba. Likitoci suna kiran wannan larura gastirofaresis, kuma masu ciwon suga da suka daɗe da shi suna cikin waɗanda ta fi kamawa. A kansu wannan bayani zai fi tsayawa, domin a jikinsu ne lamarin ya fi haɗari.

Aiki uku na tumbi

Tumbin da babu komai a cikinsa a tsuke yake. Da an fara ci, sai ɓangarensa na sama ya saki jiki ya buɗe, har ya iya ɗaukar lita 1 zuwa 1 da rabi ba tare da mutum ya ji takura ba. Wannan buɗewar ita ke ba mutum damar cinye kwano guda a zama ɗaya. In ta gaza, abinci kaɗan ma ya isa ya matse bangon tumbi, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa cewa an cika.

Aiki na biyu niƙa ne, kuma ɓangaren ƙasa ke yin sa. Tsokar wurin tana matsewa kamar sau 3 a kowane minti, tana tura abinci gaba, yana bugun rufaffiyar ƙofa yana dawowa, har ya dagargaje. Aiki na uku na wannan ƙofa ne da ke tsakanin tumbi da ƙaramin hanji. Ba ta barin abu ya wuce sai ya koma ƙanana, kimanin milimita 2 ko ƙasa da haka. Aikin ya yi kama da na turmi da rariya: a daka, a tankaɗe, tsakin da ya rage a mayar da shi turmi. Shi ya sa ruwa zalla ba ya daɗewa, cikin kimanin minti 20 rabinsa ko fiye ya wuce, amma nama da ganye sai sun jira an gama da su. Mai kuma, ko na gyaɗa ne ko man shanu, da ya isa hanji sai hanjin ya aika wa tumbi saƙon ya rage sauri. A mai lafiya, bayan awa 4 da cin abinci matsakaici, fiye da kashi 90 cikin 100 ya bar tumbi.

Duk wannan ba ya tafiya sai da umarni. Akwai wata doguwar jijiya mai suna bagus da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ta wuya da ƙirji zuwa ciki. Akwai ƙananan jijiyoyi a cikin bangon tumbin kansa. Akwai kuma wasu ƙwayoyin halitta da ke tsara bugun nan na sau 3 a minti, waɗanda aka sa wa sunan masanin ƙasar Sifen da ya fara bayyana su, Santiago Ramón y Cajal. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya samu rauni, niƙa ta yi sanyi, ko ƙofa ta ƙi saki a kan kari, abinci ya zauna, alhali babu wani abu da ya toshe hanya.

Inda ciwon suga ya shigo

Sugan da ya daɗe yana sama a jini yana cin jijiyoyi a hankali. Masu ciwon sun san wannan a ƙafafunsu: tafin ƙafa ya riƙa zafi da dare, ko ya yi kamar ana tsira allura, ko ya mutu har takalmi ya fita mutum bai sani ba. Irin wannan ɓarnar ce ke samun jijiyoyin tumbi da ƙwayoyin da ke tsara bugunsa. Yawanci ba ta bayyana sai ciwon ya kai shekara 10 ko fiye, kuma sau da yawa tana zuwa ne tare da matsalar ƙafa, ido ko ƙoda. Tun a 1958 wani likita mai suna Paul Kassander ya bayyana ta a masu ciwon suga ya kuma sa mata suna. Mata sun fi maza kamuwa da ita nesa ba kusa ba.

Bayan ɓarnar shekaru, akwai ta yau da yau. Ko a jikin da jijiyoyinsa ke lafiya, idan suga ya hau sosai a jini, tumbi yana rage gudu a wannan lokacin. Ke nan abin yana zagaye: suga ya hau, tumbi ya yi nawa, nawar tumbi ta hargitsa suga.

Misali daki-daki

Mu ɗauki misalin wata uwa mai shekara 52, wadda ta yi shekara 14 da ciwon suga, tana yi wa kanta allurar insulin safe da yamma. Da ƙarfe 7 da rabi na dare ta yi allurarta kamar kullum, aka kawo tuwon masara da miyar taushe wadda ta ji gyaɗa da mai, ga nama. Ta kai loma huɗu ta janye hannu. 'Yarta ta ce, "Inna, ki daure ki ƙara, kin fa yi allura." Ta ƙara biyu da ƙyar.

Da ƙarfe 9 sai gumi ya karyo mata, hannu yana rawa, zuciya tana bugawa da sauri. Aka gwada, na'ura ta nuna 62 mg/dL, alhali duk abin da ya gaza 70 faɗuwar suga ce. Dalili shi ne insulin ya shiga jini ya fara aikinsa a kan lokaci, abincin da aka yi allurar dominsa kuwa yana nan a tumbi. Tumbi ba ya tsotse suga daga tuwo, wannan aikin hanji ne. Aka ba ta ruwan suga ta farfaɗo. Cikin dare tuwon ya riƙa gangarawa kaɗan-kaɗan, a lokacin da ƙarfin allurar ya fara ja baya. Da asuba na'ura ta nuna 280.

Duk wanda ya ga lambar asuba kaɗai zai ce allurar ta yi kaɗan, a ƙara. In aka ƙara, faɗuwar ƙarfe 9 za ta fi muni, har ta iya kai wa ga suma. Wannan shi ne tarkon da ya fi ba ni tsoro a wannan larura, domin magani mai kyau ne ke komawa abin cutarwa saboda kawai ya riga abinci isa.

Akwai wasu alamu da ke ƙarfafa zato. Da safe tana tashi da ciki a cike kamar yanzu ta ci. Wata rana ta yi amai da hantsi, aka ga ganye da guntayen naman daren jiya a ciki, ana iya gane su. Koko yana shiga lafiya, amma ƙosai biyu sun isa su tokare ta har azahar. Ta rame da kilo 5 a wata 4. Idan likita ya kwantar da ita ya girgiza cikin da safe kafin ta ci komai, yana iya jin ruwa yana kaɗawa, abin da bai kamata a ji ba a tumbin da ya kwana babu ci.

Kada a yi saurin sa suna

Duk da waɗannan alamu, ba a cewa nawar tumbi ce sai an tabbatar hanya a buɗe take. Gyambon ciki da ya daɗe a bakin ƙofar tumbi yana warkewa da tabo, tabon ya tsuke ƙofar, ya kawo saurin ƙoshi da aman tsohon abinci iri ɗaya sak. Sankarar tumbi ma haka take farawa, shiru-shiru, da saurin ƙoshi da rama. Wani lokacin kuma tumbin lafiyarsa ƙalau, danne shi aka yi daga waje: saifa ko hanta ta kumbura, ko ruwa ya taru a ciki saboda ciwon hanta, zuciya ko ƙoda. A mata, ƙari a ƙwan mahaifa yakan fara nuna kansa da kumburin ciki da saurin ƙoshi. Juna biyu ma yana kawo shi, don haka akan gwada wannan tun farko.

Saboda haka matakin farko shi ne leƙa ciki da na'ura, wato endoskofi. Ana zura siririn bututu mai kyamara ta baki bayan mutum ya kwana bai ci ba, kuma ana yin sa a manyan asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. In an ga tabo ko ƙari, an samu amsa. In hanya a buɗe take amma ga abincin jiya a kwance, zato ya ƙara ƙarfi. Akan haɗa da hoton ciki don duba hanta, saifa da mahaifa, da gwajin jini na ƙoda da na maƙoƙo, domin raunin aikin ƙullin maƙogwaro ma yana sa ciki nawa.

Wasu alamun ba sa jira: aman jini ko amai mai kama da garin kofi, baƙin bayan gida kamar kwalta, abinci yana tsayawa a maƙogwaro, ramar da ba a san dalilinta ba, ƙarancin jini, ƙullutu a ciki, ko saurin ƙoshin da ya fara sabo ga wanda ya haura shekara 50. Mai ciwon suga da ke ta amai har ruwa ba ya zama masa shi ma asibiti zai nufa a ranar, kuma kada ya yanke allurarsa gaba ɗaya don bai ci ba, sai da shawarar likita.

Mataki na biyu shi ne a zazzage jakar magani. Tiramadol da kodin da danginsu suna daskarar da motsin tumbi da hanji, kuma masu ciwon ƙafa na suga sukan sha tiramadol kullum ba tare da sun ambata wa likita ba. Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma wanda ya saba da shi ya faɗa wa likita gaskiya, domin wataƙila amsar ke nan. Hayosin da ake sha don murɗawar ciki, da amitiriftilin da ake bayarwa don zafin jijiya, su ma suna rage gudun tumbi. Sababbin alluran suga da rage ƙiba irin su semagulutayid jinkirta tumbi yana cikin yadda suke aiki. Metfomin kuma yakan kawo tashin zuciya da ƙin abinci ko da tumbi na tafiya daidai. Sau da yawa canza magani ɗaya ke warware matsalar.

Gwajin da ke auna gudun tumbi

Tabbaci na ƙarshe yana zuwa ne daga gwajin da ke bin abinci da ido. Ana dafa farin ƙwai da ɗan sinadari mai fitar da haske kaɗan wanda kyamara ta musamman ke gani, a ci da burodi da ruwa. Sai a ɗauki hoto nan take, da bayan awa 1, awa 2 da awa 4. Idan fiye da kashi 60 cikin 100 na abincin yana nan bayan awa 2, ko fiye da kashi 10 bayan awa 4, tumbi ya yi nawa. Wanda ya rage fiye da kashi 35 a awa ta 4, nasa ya yi tsanani. A misalinmu, a ce an samu kashi 28 a awa ta 4: matsakaiciyar nawa ce, irin wadda gyaran abinci da na allura kan taimaka wa sosai.

Gwajin yana da sharuɗɗa. Ana dakatar da magungunan da ke sa tumbi sauri ko nawa kwana 2 zuwa 3 kafin ranar, kuma ba a yin sa idan sugan safiyar ya hau sosai, don kada ya nuna nawar da ta ranar ce kawai. In aka tsaya a awa 2 ba a kai 4 ba, ana iya kuskure masu larurar da yawa. Wuraren da ke da irin wannan kyamara kaɗan ne, shi ya sa likitoci da dama a yankinmu ke dogara da labarin mara lafiya, da endoskofi, da yadda jiki ya amsa gyara.

Akwai kuma iyakar abin da gwajin ke faɗa. Wani tumbinsa yana da nawa sosai amma damuwarsa kaɗan ce, wani kuma yana shan wuya gwajinsa ya fito daidai. Na biyun nan sau da yawa matsalarsa a buɗewar saman tumbi take, ko jijiyoyinsa ne ke saurin jin cika. Ciwonsa na gaske ne, kuma shawarar abinci kusan ɗaya ce.

Abin da ake yi

Gyaran yana farawa daga kwano, kuma yana bin aikin nan uku. Tun da wuri ya yi kaɗan, sai a raba abincin yini gida 5 ko 6 maimakon 3, kowanne kamar rabin abin da aka saba. Tun da niƙa ta yi rauni, sai a yi wa tumbi niƙan tun a madafa: tuwo mai laushi, miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa mai ɗan mai kaɗan, faten dankali ko na kabewa da ya dahu ya narke, kifi, dafaffen ƙwai, naman da aka daka ko aka niƙa, alala a madadin wake da ɓawonsa. Tun da mai yana taka wa tumbi birki, sai a ja baya da ƙosai, ƙuli-ƙuli, soyayyen nama da miyar da mai ke yawo a kanta.

A nan akwai abin da ke ba masu ciwon suga mamaki. An daɗe ana ce musu su yawaita ganye da abinci mai dusa, kuma shawara ce mai kyau ga mafi yawansu. Ga mai nawar tumbi kuwa, kwaɗon zogale da na rama, ɗanyen kabeji, zaren mangwaro, totuwar lemo, aya da kilishi su ne suka fi daɗewa a ciki, har wani lokaci zarurrukan su dunƙule su zama curi a tumbi. Ganyen da aka dafa ya yi lugub aka niƙa shi a miya ya fi sauƙin wucewa.

A ranar da ciki ya ƙi, abin sha shi ne mafita, tun da ruwa yakan wuce ko da tumbi ya yi rauni. Sai dai koko da kunu da fura suna ɗaga suga da sauri, don haka ƙaramin kofi za a sha, babu suga, a haɗa da nono marar maiƙo ko ƙwai ko romon kifi. Bayan ci, a zauna a miƙe ko a ɗan taka, kada a kwanta sai an yi awa 2. Sigari da lemon kwalba mai gas suna ƙara dagula lamarin.

Sai gyaran allura, wanda aikin likita ne. Yana iya matsar da lokacin allurar abinci zuwa bayan an ci an ga abin da ya shiga, ko ya raba ta, ko ya canza nau'inta. Masu shan ƙwayar gilibenkilamid su ma suna cikin haɗarin faɗuwar suga irin wannan. In suga ya faɗi, abin sha za a bayar: babban cokali 1 na suga a narke a rabin kofin ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15. Burodi ko dabino za su je su bi layi a tumbi ne. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a kai shi. Wanda ke cikin wannan hali ya zauna da likitansa tun kafin watan azumi ya kama, domin doguwar yunwa da buɗa-baki mai nauyi da soye-soye su ne daidai abin da irin wannan tumbi ba ya iya ɗauka.

Akwai magungunan da ke zaburar da tumbi, kowanne da iyakarsa. Metokulofiramid, miligiram 5 zuwa 10 kafin abinci, yana rage amai yana ƙara motsi. Amma yana iya sa wuya ya murɗe ko ido ya kafe, musamman ga matasa, kuma in aka daɗe ana sha yana iya barin mutum da motsin baki da harshe da ba ya iya tsayarwa, wanda wani lokaci ba ya warkewa. Shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2009 kada a wuce mako 12, ta Tarayyar Turai kuma a 2013 ta taƙaita shi zuwa kwana 5. Domferidon yana iya taɓa bugun zuciya, don haka akan duba zuciyar kafin a fara. Eritiromaisin yana tura abinci da ƙarfi, amma cikin 'yan makonni jiki ya saba, aikinsa ya ragu. Babu ɗaya a cikinsu da ya dace a saya a kemis a riƙa sha wata da watanni. Ga 'yan kaɗan da duk wannan bai yi musu ba, akwai bututun ciyarwa da ke tsallake tumbi zuwa hanji, da aikin da ake yanka tsokar ƙofar tumbi don ta saki.

Jijiyar da suga ya riga ya ci ba ta cika dawowa yadda take ba, amma larurar tana hawa tana sauka, kuma mutane da yawa suna dawo da ƙibarsu da ƙarfinsu idan aka daidaita kwano da allura. Abin da zai fi gajarta hanyar shi ne mara lafiya ya je asibiti da rubutun mako guda: ƙarfe nawa ya ci, me ya ci, loma nawa ta shiga, ƙarfe nawa ya yi allura, me na'ura ta nuna kafin ci, da bayan awa 2, da bayan awa 4, da asuba, kuma in ya yi amai me aka gani a ciki. Ya tafi da duk magungunansa a leda, har da na gargajiya da na ciwon jiki. Daga wannan takarda likita zai ga ko suga yana faɗuwa bayan ci ya kuma hau daga baya, kuma ganin haka ne zai sa ya nemi endoskofi ya gyara lokacin allura, maimakon ya ƙara yawanta.